Neman Hutu a Wurin Aiki: Yaushe Imel Ya Wadatar, Yaushe Sai da Takarda?

A watan Satumba na 2025 likita ya sa wa mahaifiyarmu ranar aikin tiyata a Kano. Da muka zauna rabon jinya, kwanakin farko suka faɗo kan ƙanina da ƙanwata. Shi ma'aikaci ne a wata ma'aikatar jiha, ita kuma tana aiki da wata ƙungiyar agaji, shugabarta ma tana Abuja, sai su yi wata uku ba su haɗu ido da ido ba. Buƙatarsu ɗaya ce, kwana goma na hutu, kuma a mako guda suka nema. Ita ta rubuta imel mai layi bakwai. Shi ya je wurin masu buga takardu, aka buga masa wasiƙa tsaf, ya sa hannu, ya kai wa shugaban sashensu.

Duk wanda aka tambaya a lokacin zai ce ƙanina ne ya fi bin ƙa'ida. Amma shi ne ya dawo ya tarar da takardar tuhuma tana jiransa, wadda ma'aikata ke kira kwiri, ana neman ya bayyana cikin kwana biyu dalilin da ya sa ya bar aiki ba da izini ba.

Ga yadda abin ya faru. Ya tari ogan nasa a baranda bayan sallar azahar, ya gaishe shi, ya miƙa takardar. Mutumin kirki ne, ya karanta a tsaye, ya ce, "Ayya, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka je abinka, ba damuwa." Ƙanina ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ya juya hankalinsa kwance. Ogan ya shiga ofis ya sa takardar a durowa da niyyar ya yi mata rubutu washegari. Washegarin aka tura shi kwas na mako uku. A tsakiyar kwanakin ne aka zo duba rajistar zuwa aiki, aka ga layin ƙanina babu sa hannu, aka buɗe fayil ɗinsa babu komai game da hutu. A idon sashen mulki, mutumin nan bai taɓa neman izini ba. Kuma gaskiyarsu ce, domin abin da ke cikin durowar wani bai shiga ofis ba tukuna.

Tun daga nan na daina kallon wannan batu a matsayin gardamar zamani da gargajiya. Tambayar da ta dace mai neman hutu ya yi wa kansa ita ce: a wannan wurin da nake aiki, ina ake ajiye abin da za a tuna da shi? Idan gobe shugabana ba ya nan, wanda ya gaje shi ina zai duba ya ga cewa na nemi izini kuma an ba ni? In amsar fayil ce mai bangon kwali a rajistara, to takarda za a rubuta. In kuwa amsar kwamfutar sashen kula da ma'aikata ce, imel ya fi takarda ƙarfi, ko da takardar ta sha hatimi.

Kafin a shiga yadda ake rubutawa, yana da kyau a san abin da ake nema ɗin. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa yana da haƙƙin hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 da cikakken albashi, da kuma hutun rashin lafiya har kwanakin aiki 12 a shekara idan likita mai rajista ya ba da shaida. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma dokar ta fi shafar leburori da akawuna. Manyan ma'aikata da ƙwararru abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki da kundin dokokin kamfani shi ke hukunci a kansu. A aikin gwamnatin tarayya, mai mataki na 07 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara, kuma a 2021 aka amince wa maza da hutun kwana 14 idan matansu suka haihu. Jihohi kowace da nata kundin. Sai dai duk inda mutum yake, samun haƙƙin hutu daban, zaɓen ranar tafiya daban. Kwanakin naka ne, amma lokacin da za ka ɗauke su sai da yardar wurin aiki. Shi ya sa rubutun neman hutu roƙo ne mai jiran amsa, ba sanarwa ba ce.

Takarda tana da wani aiki da imel bai cika yi ba a ofisoshin gwamnati, wato tafiya daga tebur zuwa tebur tana tara sa hannu. Mutane da yawa suna zaton shugaban sashensu ne ke ba da hutu. Galibi ba shi ba ne. Shi dai ana bi ta hannunsa ne, ya rubuta a gefen takardar cewa ya gani kuma ya goyi baya, ko bai goya ba, ya sa hannu da kwanan wata. Ikon amincewa yana can sama, wurin babban sakatare ko daraktan mulki ko wanda aka wakilta. Saboda haka wasiƙar ana rubuta ta ne zuwa ga mai ikon, a ƙarƙashin adireshinsa kuma a nuna cewa ta biyo ta hannun shugaban sashe. Wanda ya tsallake ogansa ya kai takarda kai tsaye ofishin darakta, za a dawo masa da ita, kuma ya ɓata tsakaninsa da mutumin da zai ci gaba da zama a ƙarƙashinsa. Wanda kuma ya tsaya a kan ogan kaɗai, kamar ƙanina, ya yi rabin tafiya ne ya zauna.

Abin da ya kamata ya yi ba shi da wuya. Ya buga kwafi biyu. Bayan oga ya yi rubutunsa a gefe, a kai takardar rajistara ko wurin sakataren ofishin da za ta shiga, a buga hatimin karɓa a kan duka biyun, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Ɗaya ta shiga fayil, ɗaya ta koma gida da shi. Idan ofishin ba shi da hatimi, wanda ya karɓa ya rubuta da biro a kan kwafin cewa ya karɓa rana kaza, ya sa sunansa. Na san kunya na hana mutane wannan, musamman idan oga dattijo ne, sai a ga kamar ana cewa ba a yarda da shi ba. Amma akwai yadda ake faɗa ba tare da an saɓa ladabi ba: "Yallaɓai, in ka yi mata rubutu ni zan kai rajistara da kaina, kada in ɗora maka wahala." Babu shugaban da zai ji haushin wannan, yawancinsu ma sauƙi suke gani.

Ko hatimin karɓa ma shaida ce kawai cewa an nema. Izinin kansa shi ne takardar amincewa da sashen mulki ke fitarwa, mai ɗauke da ranar farawa da ranar dawowa, ko kuma aƙalla rubutun mai iko a kan fayil. Wannan tafiyar tana cin lokaci, don fayil na iya kwana uku a tebur ɗaya idan mai teburin ya yi tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ganina hutun da aka san da zuwansa, irin na aure ko aikin Hajji ko jarrabawa, a shigar da takardarsa da saura wata guda, sannan a riƙa leƙa rajistara ana tambayar masinja inda fayil ya kwana.

Jikin wasiƙar kuwa bai kamata ya wuce shafi ɗaya ba. A sama adireshin sashen mai nema da kwanan wata, sai adireshin mai iko, sai na wanda aka biyo ta hannunsa, sai kanun da ke faɗin irin hutun. Irin hutun nan yana da muhimmanci, domin kowane da asusunsa: na shekara daban, na uzuri daban, na rashin lafiya da na haihuwa da na karatu kowane da sharuɗɗansa. Wanda ya rubuta "ina neman izinin tafiya" kawai ya bar wa akawu ya zaɓa masa, kuma akawu zai zaɓi wanda ya fi masa sauƙin lissafi. A ƙasa sai sa hannu da biro, cikakken suna, muƙami, mataki, da lambar fayil. Lambar nan ita ce ke hana takarda ɓata, don a ma'aikata ɗaya ana iya samun mutum huɗu masu suna iri ɗaya.

Yanzu mu koma kan ƙanwata. A wurin aikinsu babu rajistara, babu masinja, kuma da ta buga takarda ma babu wanda za ta miƙa wa, tunda shugabar tana wani gari. Kundin ma'aikatansu ya ce a nemi hutu a rubuce ga shugaba, a sanar da sashen kula da ma'aikata. Don haka ta sa adireshin shugabar a layin To, na sashen ma'aikata a layin Cc. Da Turanci ta rubuta, kamar yadda ake yi a yawancin ofisoshinmu, amma ga abin da ta ce. A layin Subject: neman hutun shekara, kwanakin aiki 10, daga 22 ga Satumba zuwa 6 ga Oktoba 2025. A cikin saƙon, bayan gaisuwa ta layi ɗaya:

"Kamar yadda muka yi magana a waya jiya, ina neman hutun shekara na kwanakin aiki 10, daga Litinin 22 ga Satumba zuwa Litinin 6 ga Oktoba 2025, saboda jinyar mahaifiyata. Zan koma aiki ranar Talata 7 ga Oktoba. Abokiyar aikina ta amince za ta riƙe rahoton mako-mako, kuma zan miƙa mata bayanin ayyukan da ke hannuna kafin Juma'a 19 ga wata. Idan wani abu na gaggawa ya taso ana iya samuna a waya. Ina roƙon a amsa wannan saƙo da amincewa. Na gode."

Gajartar nan ba rashin ladabi ba ce. Shugabar a waya za ta karanta, wataƙila a mota ko tsakanin taro biyu, kuma duk abin da take buƙata don ta yanke hukunci yana gabanta: wane hutu, kwana nawa, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai riƙe aiki. Masu kwaso salon wasiƙa gaba ɗaya su zuba a imel, da adireshi biyu a sama da doguwar shimfiɗar ban girma, suna tura ainihin maganar can ƙasa inda sai an ja allo kafin a gan ta.

A lura da lissafin kwanakin, don nan ne aka fi samun saɓani. Daga Litinin 22 zuwa Juma'a 26 ga Satumba kwana 5 ke nan. Litinin 29 da Talata 30 sun kai 7. Laraba 1 ga Oktoba ranar samun 'yancin kai ce, hutun ƙasa ne, ba ta cikin lissafi. Alhamis 2 da Juma'a 3 sun kai 9. Na goma sai Litinin 6, dawowa kuma Talata 7. Da ta rubuta "mako biyu" kawai, shugabar za ta sa ran ganinta ranar Litinin 6, ita kuma tana ganin da sauran kwana ɗaya a hannunta. Wannan lissafin ya yi daidai ne domin kundinsu da kwanakin aiki yake ƙirga. Inda ake ƙirga kwanakin kalanda, har da Asabar da Lahadi, kwana 10 daga 22 ga Satumba sun ƙare ne ranar 1 ga Oktoba. Tazarar kusan mako guda ce, ta isa ta jawo wa mutum kwiri. Shi ya sa ake rubuta abu uku tare, a takarda ko a imel: adadin kwanaki, ranar ƙarshe ta hutu, da ranar da za a ga mutum a bakin aiki. In akwai kuskure, mai karantawa zai kama shi tun kafin a tafi.

Ita ma ba ta tsira daga tuntuɓe ba. Ta aika saƙon da dare, ta kwanta. Kwana biyu shiru. A al'adarmu mukan ce shiru ma amsa ce, amma a neman hutu shiru ba izini ba ne, kuma ta san haka. Da ta buɗe wayar ta duba, sai ta ga saƙon bai shiga Sent ba, yana nan maƙale a Outbox, saboda sabis ya ɗauke a daidai lokacin da ta danna. Ta sake turawa, ta kira shugabar ta ce, "Hajiya, na turo saƙon hutun nan, don Allah in kin samu sarari ki duba." Kafin la'asar amsa ta zo, kalma biyu ko uku, sashen ma'aikata na gani. Wannan gajeriyar amsa ita ce takwarar hatimi da sa hannu, kuma ta zo da ranarta da sa'arta ba tare da wani ya rubuta su ba.

Akwai masu ganin imel ba shaida ba ne, iska ce kawai. Ba haka ba ne. Dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi bayanan da suka fito daga kwamfuta idan an cika sharuɗɗan da ta gindaya. Raunin imel a wani wuri yake. Akwatin saƙon ofis mallakar ofis ne, ranar da aka sallami mutum ko ya ajiye aiki ana rufe shi, duk amincewar da ke ciki ta fita daga hannunsa, alhali a lokacin ne ake lissafin kwanakin hutun da ya ci da waɗanda yake bi. Don haka idan amsa ta zo, a buga ta a takarda ko a adana ta a matsayin PDF, muddin dokar wurin ba ta hana ba. Sannan wuraren da ke da manhajar neman hutu, kamar bankuna da manyan kamfanoni, imel ga shugaba bai ɗauke wa mutum cike fom ɗin manhajar ba, domin daga can ake cire kwanaki, ba daga akwatin shugaba ba.

Wani abin da nake jan hankalin mutane a kai shi ne sirri. Imel saurin yaɗuwa gare shi, dannawa ɗaya ya isa wurin mutum goma. Wanda zai nemi hutun rashin lafiya ba sai ya zayyana ciwonsa a saƙon da aka sa mutum biyar a Cc ba. Ya ce rashin lafiya ce, takardar likita kuma ya tura ta ga sashen ma'aikata kaɗai, ko ya kai ta a ambulan. A nan takarda ta fi rufin asiri. Haka kuma duk hutun da ke tafe da takardun shaida na asali, irin su takardar asibiti ta mai juna biyu ko takardar samun gurbin karatu, ko wanda zai taɓa albashi kamar hutu ba biya, na fi son a yi shi a takarda mai sa hannu ko da a kamfani ne, sai a ɗauki hotonta a tura ta imel don ranar ta tabbata. Dogon hutu yakan wuce zamanin shugaban da ya amince da shi.

Saura abin da ba ya sallama, rasuwa ko haɗari ko naƙuda cikin dare. Babu mai hankalin da zai ce a tsaya neman firinta alhali ana haramar jana'iza. A kira oga a waya, wannan shi ne ladabi kuma shi ne mafi sauri. Amma bayan an ajiye wayar, a tura gajeren saƙo, imel in akwai, in babu ko na tes ko WhatsApp: an yi mini rasuwa, kamar yadda na faɗa a waya, zan koma rana kaza in Allah ya yarda. Minti ɗaya ne, ya kuma kafa ranar da aka sanar. Sai dai saƙon WhatsApp yana zaune ne a wayar mutum biyu, waya kuwa tana ɓata, tana lalacewa, saƙon ma ana iya goge shi. Bai shiga fayil ba, bai shiga kwamfutar ofis ba. Ranar da aka dawo, kafin a zauna karɓar gaisuwar abokan aiki, a rubuta takardar da ta dace a ambaci ranar da aka yi waya da ranar da aka tura saƙo.

A duka hanyoyin biyu akwai matakin da ba a rubuta shi a kowane kundi ba, amma na ga yana yanke hukunci fiye da kyan rubutu: a fara yi wa shugaba magana da baki. Babba ba ya son ya fara jin labarin tafiyar na ƙasa da shi daga allo, ko daga takardar da masinja ya ajiye masa. In an same shi an ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata lalura da ta taso a gida, ina so in shigo da takarda," to an ba shi girmansa, an kuma ba shi damar ya ce a matsa da kwana biyu saboda wani aiki, tun kafin a buga ranakun. Ƙanwata ta yi haka a waya, shi ya sa saƙonta ya fara da ambaton maganar jiya. Ƙanina ma ya samu wannan ɓangaren daidai. Inda ya yi sake shi ne da ya ɗauki "ka je abinka" a matsayin ƙarshen magana.

Ofisoshin ma suna sauyawa. Ofishin shugabar ma'aikatan tarayya ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su koma aiki ba da takarda ba, kuma a irin wannan tsaka-tsakin ne aka fi yin asara, don wani ofishin ya rungumi kwamfuta a sama amma akawun da ke lissafin hutu har yanzu fayil yake buɗewa. Sabon ma'aikaci, ko wanda aka yi wa canjin wurin aiki, kada ya yi hasashe. Ya je sashen mulki ya tambayi wanda ke riƙe da jadawalin hutu: in na nemi hutu, me kuke so ku gani a gabanku kafin ku rubuta sunana? Abin da ya faɗa shi za a bi. In amsar ta zo da ruɗani, a yi duka biyun, a buga takarda a karɓi hatimi, a ɗauki hoton kwafin a tura ta imel.

Ƙanina ya amsa kwirinsa a rubuce, ya haɗa da takardar sallamar Hajiya daga asibiti. Da ogan ya dawo daga kwas ya buɗe durowa, wasiƙar na nan yadda aka ninke ta, ya ɗauka ya kai wa daraktan mulki da kansa ya ce laifinsa ne. An rufe maganar ba tare da horo ba, aka cire kwanakin daga hutunsa na shekara. Amma kwirin da amsarsa suna cikin fayil ɗinsa, shafi biyu a jere, kuma wannan fayil ɗin ne za a ɗauko idan lokacin ƙarin girmansa ya yi.